Tsakanin Tsami da Ƙauri: Inda Jar Miya Ke Lalacewa

Ƙorafi biyu ne suka fi yawa a kan jar miya, miyar tumatir ɗin nan da muke ci da shinkafa da taliya da doya: ko dai a ce ta yi tsami, ko a ce tana ƙauri. Mutane kan ɗauke su matsaloli biyu da babu abin da ya haɗa su, amma a cikin tukunya hanyarsu ɗaya ce. Wadda ta sauke miyarta da wuri, ruwan tumatir bai gama ƙafewa ba, ita ke samun tsami. Wadda ta ji tsoron tsamin ta ƙara wuta don ta ƙone shi, ita ke samun ƙauri. Akwai ma mai haɗa biyun a tukunya guda, gindi ya kama ya yi baƙi, sama kuma na nan ɗanye da tsaminsa. Wannan na faruwa ne idan wuta ta yi yawa, tukunya ba ta da kauri, markaɗen kuma ya cika ta har baki.

Da yawa sun saba da jefa cokalin sukari, kuma ban ga laifin mai neman mafita cikin gaggawa ba. Sai dai sukari ba ya taɓa tsamin da ke cikin miya ko kaɗan. Harshe kawai yake ruɗawa, ya sa zaƙi ya danne tsami a baki, shi kuwa tsamin yana nan yadda yake. Abin da ake samu shi ne miya mai zaƙi-zaƙi da tsami-tsami, wadda ba ta shiga da shinkafa da wake, ba ta shiga da daddawa. Idan kuma tun wajen suya aka zuba shi, ya ƙara wa gindin tukunya abin da zai ƙone. Ga gidajen da ake fama da ciwon sukari, waɗanda ba sa neman ƙari a miya. Saboda haka gara a san daga ina tsamin yake fitowa, don kowane iri da maganinsa.

Tumatir ruwa ne kusan zalla: a cikin kashi 100, wajen kashi 94 ruwa ne. A ɗan abin da ya rage akwai zaƙinsa na halitta, akwai sinadarin gulutamet mai ba da garɗi (shi ne dai wanda ake sawa a dunƙulen magi), sannan akwai sinadaran tsami guda biyu. Babban shi ne sitirik asid, wanda ke cikin lemun tsami, ƙaramin kuma malik asid. Masana kan auna ƙarfin tsami da ma'aunin pH, inda 7 ke nufin babu tsami, kuma duk yadda lamba ta yi ƙasa tsami ya ƙaru. Tumatir yana tsakanin 4 da 4.6. Lemun tsami yana wajen 2. Wato tumatir ba wani mugun mai tsami ba ne, kuma ko nunanne lafiyayye yana da tsaminsa. Abin da ke bambanta tumatir mai daɗi da mai sa mutum yamutsa fuska yawanci ba yawan asid ba ne kaɗai, yawan zaƙin da ke tsaye kusa da shi ne.

A nan ne lokacin shekara ke shigowa. Tumatirin rani da ake nomawa da ban ruwa a Kadawa da Kura da Garun Malam a Kano, ko a Ɗanja ta Katsina, yana samun rana sosai, yana nuna a jikin uwarsa, kuma irin da 'yan kasuwa ke kira UTC yana da tsoka da ƙarancin ruwa. Daga watan Janairu zuwa Maris da wuya ki ji ana kukan tsami. Na damina kuwa ya sha ruwa ya ƙoshi, rana ta yi masa ƙaranci, zaƙinsa ya tsinke. Haka wanda aka tsinka yana ja-ja kore-kore don ya jure doguwar tafiya a kwando. Tsamin tumatir ya fi ƙarfi daidai lokacin da ya fara sauya launi, sannan ya riƙa raguwa yayin da yake nuna. Wanda aka cire da wuri zai yi ja a kwando, amma ba zai tara zaƙin da zai tara a gona ba. Idan irin wannan kika samu, ki baza shi a faranti a inuwa kwana biyu ko uku, kada ki sa shi a firij, don sanyi yana tsayar da nunarsa. Tsamin zai ɗan sauka.

Akwai wata magana da kusan kowa ya yarda da ita, cewa idan an dafa markaɗe sosai tsamin yana fita da tururi. Ba haka abin yake ba, kuma wannan kuskuren fahimta ne ke kai mutane ga ƙona miya. Sitirik asid da malik asid ba sa bin tururi. Ruwa ne ke tafiya, su kuwa suna zaune, har ma suna ƙara taruwa wuri ɗaya. Mai shakka ya buɗe tumatirin gwangwani ya lasa. An dafa shi a masana'anta har ya zama kirtif, amma tsaminsa ya fi na ɗanye nesa ba kusa ba.

To me ya sa miyar da ta soyu da kyau ba a jin tsaminta? Abu na farko, abin da muke kira tsami a ɗanyen markaɗe ba tsami ba ne zalla. Akwai gafi a ciki, wannan ɗanyen wari mai kama da na ganye da ke fitowa idan an fasa tumatir, ga kuma yajin ɗanyar albasa. Waɗannan su ne ke bin tururi, kuma da sun tafi rabin abin da ke damun baki ya tafi. Na biyu, yadda asid ke taruwa haka zaƙi da garɗi ke taruwa, kuma idan suka haɗu da mai mai zafi sukan rikiɗe su ba da sabon ƙamshi da ɗanɗanon suya wanda babu shi a ɗanye. Na uku, man da ya ratsa kowane ɓurɓushin tumatir yana rage yadda tsami ke dukan harshe. Na huɗu, ruwan tumatir da aka ƙafar ana mayar da gurbinsa da ruwan nama, wanda ba shi da tsami, yana kuma ɗauke da gishiri da romon da ke lafar da shi. Suya ba ta cire tsami, tana gina abin da zai rinjaye shi ne. Wanda ya gane wannan ba zai ƙara tsayawa kan tukunya yana ƙara wuta yana jiran tsami ya ƙone ba, domin kafin asid ya ƙone miyar ta daɗe da zama gawayi.

Mu ɗauki tukunya guda mu bi ta daga farko. A ce kilo ɗaya na tumatir, wato matsakaita goma zuwa sha biyu. Gyaran tsami na farko a wajen mai kayan miya ake yinsa, tun kafin a kunna wuta. A haɗa kilon nan da manyan tattasai biyar ko shida, jajaye sosai, da manyan albasa uku, da attarugu gwargwadon yajin da gidan ke so. Tattasai bai kai tumatir tsami ba, ya fi shi zaƙi, ya fi shi ja, ga shi yana ba miya jiki. Albasa ma haka. Idan tattasai da albasa suka kai kusan nauyin tumatirin, an riga an tsinka tsamin da kusan rabi ba tare da an zuba komai ba. Miyar da ta fi yawan yin tsami ita ce wadda aka tara tumatir zalla, aka jefa tattasai ɗaya don fita haƙƙi. Na san tattasai kan yi tsada. Idan aljihu bai kai ba, karas biyu ko yankin jar kabewa da aka dafa aka markaɗa tare suna yin wani ɓangare na aikin. Gaskiya ne abin da suke kawowa shi ma zaƙi ne, amma yana zuwa tare da tsoka, yana rage kason tumatir a kowane ludayi, kuma ba ya fitowa fili yadda sukari ke yi. Kada dai su yi yawa, don karas huɗu ko biyar a kilo ɗaya za su mayar da miyar ruwan goro, ɗanɗanonta kuma ya koma wani abu dabam.

A ware albasa ɗaya don suya, sauran a markaɗa da ruwa kaɗan, iya wanda zai sa bilenda ta juya. Duk kofin ruwan da aka ƙara a wajen markaɗe, sai an biya shi da gas ko gawayi daga baya. Wasu kan matse 'ya'yan tumatir da ruwan da ke kewaye da su su zubar. Hakan na rage tsami da gaske, domin wannan ruwa mai yauƙi ya fi tsokar asid, amma shi ne kuma ya fi ta garɗi. Ni ba na zubar da shi sai tumatirin ya kasance na damina mai ruwa tsululu.

Sai tafasa. A zuba markaɗen a tukunya mai faɗi, ba mai zurfi ba, babu mai, a bar ta a buɗe. Murfi yana tara tururi ya mayar da shi ciki, sai a yi ta dahuwa ruwa bai ragu ba. A wannan mataki ana iya sakin wuta, domin muddin ruwa na da yawa zafin abin da ke cikin tukunya ba zai wuce digiri 100 a ma'aunin Salshiyas ba, kuma a wannan zafi babu abin da ke ƙonewa. Cikin minti 30 zuwa 40, gwargwadon faɗin tukunya da ƙarfin wuta, markaɗen zai koma kamar kashi ɗaya cikin uku na yadda aka zuba shi. Alamarsa ita ce kumfar sama ta ɓace, launi ya tashi daga ja mai haske ya koma ja mai duhu, ƙananan ramuka sun buɗe a samansa suna fitar da tururi, kuma idan aka ja ludayi a gindin tukunya hanyar ba ta rufewa nan take. Tun daga lokacin da ya fara tsalle yana fantsama ya kamata a rage wuta a fara juyawa, don daga nan ne haɗari ke farawa.

Mutane da yawa suna tsallake wannan tafasa, su juye ɗanyen markaɗe kai tsaye cikin mai. Ana iya yi, amma a sani cewa ba suya ake yi ba tukuna. Dahuwa ce a cikin mai, kuma sai ruwan ya ƙare kafin suya ta fara. Mai gaggawa takan ga mai yana yawo a sama tun minti goma na farko ta ɗauka ya taso, alhali bai taɓa shiga ba. Ta zuba ruwan nama ta sauke, miya ta fito da gafi da tsami, ruwa gefe, mai gefe.

Ga kilo ɗayan nan ana buƙatar mai kamar kofi ɗaya, mililita 200 zuwa 250. Ya yi yawa a ido, amma ƙarancin mai na cikin manyan dalilan kamawa, kuma ana iya kwashe rarar a ƙarshe a ajiye don dafa-duka. A sa man a wuta matsakaiciya, a zuba yankakkiyar albasa da ɗan gishiri, a bar ta minti takwas zuwa goma har ta yi laushi ta fara ruwan zuma. Wannan albasa ita ce zaƙin miyar, don haka ba a yi mata gaggawa. Idan ta yi baƙi a gefe-gefe ta riga ta zama ɗaci, kuma gara a tsame ta a zubar a sake wata da a gina miya a kanta. Tafarnuwa ta fi albasa saurin ƙonewa, ba ta kai minti ɗaya a mai mai zafi, saboda haka ko a markaɗa ta cikin kayan miya, ko a jefa ta dab da za a zuba tumatir. Haka kori da garin barkono: busasshen gari a cikin mai tsirara cikin daƙiƙoƙi yake ƙonewa, kuma yawancin miyar da ake cewa tana ɗaci alhali gindinta bai kama ba, a nan ta samu matsala. Man kansa ma kan jawo. Manjan da aka bari ya yi ta hayaƙi har ya cika kicin, ko man da aka soya kifi da kaza sau da yawa har ya yi duhu da baƙin ɓurɓushi a ƙasa, zai ba miya ƙauri ko da ba ta taɓa kamawa ba.

Idan za a sa tumatirin gwangwani ko na leda, cokali biyu manya sun isa, kuma yanzu ne lokacinsa, kafin dafaffen markaɗe. A soya shi shi kaɗai cikin man albasar minti uku zuwa biyar, wuta ƙasa-ƙasa, hannu bai bar ludayi ba, har ya tashi daga ja mai sheƙi ya koma ja mai duhu ya warwatse cikin mai. Wanda aka dama da ruwa aka zuba a ƙarshe don ƙara launi yana shiga ne da tsaminsa da warin gwangwaninsa gaba ɗaya. Yana da kyau a duba rubutun jikin gwangwanin, domin wasu kamfanoni suna ƙara sitirik asid, wasu na leda kuma suna da sukari da sitaci a ciki, waɗanda ke sa su saurin kamawa.

Sai a juye dafaffen markaɗen. Minti 15 zuwa 20 da ke biye su ne miyar gaba ɗaya. Ruwan da ya rage yana ƙarewa, kuma da ya ƙare babu abin da ke riƙe zafi a digiri 100. Gindin tukunya sai ya fara hawa. Ɗaya daga cikin nau'o'in zaƙin da ke cikin tumatir yana fara yin ruwan ƙasa tun a wajen digiri 110, kuma wannan shi ake nema, shi ne ƙamshin soyayyiyar miya. Amma mai yana iya kaiwa digiri 180 har ya wuce, kuma abin da ya manne a ƙasa ba ya motsi zai bi wannan zafi ya wuce ruwan ƙasa ya zama baƙi cikin minti biyu ko uku. Tazarar da ke tsakanin soyuwa da ƙonewa ke nan. Shi ya sa wuta take komawa ƙasa, kuma ake juyawa kowane minti ɗaya ko biyu da ludayin katako mai faɗin baki wanda ke share gindin tukunya har kusurwa.

Kunne da hanci sun fi agogo amfani a nan. Muddin ana jin ɓul-ɓul, da sauran ruwa. Idan sautin ya koma ƙaramin cuwwa irin na suya, tururi ya ragu, tumatirin ya daina zama dunƙule ɗaya ya rarrabu ƙanana-ƙanana, jan mai ya fito ya kewaye shi, to ya soyu. A ɗebo kaɗan a hura a ɗanɗana. Za a ji ɗan tsami, amma babu gafi. Ɗan abin da ke mannewa a ƙasa mai launin ruwan ƙasa, wanda ludayi ke ɗagowa cikin sauƙi, alheri ne, ruwan nama zai narkar da shi ya ƙara daɗi. Wanda ludayi ke karo da shi ya yi tauri, hanci kuma ya fara jin wani kaifi a ƙarƙashin ƙamshin, wannan ya fara ƙonewa, sai a sauke tukunyar daga wuta nan take. Tukunya mara kauri a kan gas ita ta fi cin amana, domin harshen wuta na dukan wuri ɗaya. Tukunyar ƙira mai nauyi ta fi raba zafi. A kan gawayi ko itace kuwa, rage wuta na nufin janye garwashi ko itacen da hannu tun kafin a kai wannan mataki, don murhu ba ya sauka nan da nan.

Daga nan a zuba ruwan nama kofi biyu ko uku, da naman, da gishiri da dunƙule, a bar ta ta yi minti goma a ƙaramar wuta. Mai son daddawa ya sa kaɗan. Ita daddawa ba ta da tsami, ɓangaren kanwa ma take karkata, ga garɗi mai yawa. Kada a yanke wa miya hukuncin tsami kafin gishirinta ya ji, domin miyar da gishiri bai kama ba kullum tana fin ainihinta tsami a baki. Kuma a ɗanɗana ta a kan lomar shinkafa, ba a cokali tsirara ba, tunda ba haka za a ci ta ba.

Idan an yi duk wannan tsami bai sauka ba, to yanzu ne ake neman abin da ke kashe asid da gaske, kuma iyayenmu sun daɗe da saninsa: kanwa. Kanwa da bekin soda 'yan gida ɗaya ne. Idan suka haɗu da asid sai su rikiɗa shi ya zama wani gishiri mara tsami, iska ta fita, ita ce kumfar da ake gani tana tasowa. Matsalar kullum a awo take. Kilo ɗaya na tumatir yana ɗauke da asid kamar giram 3 zuwa 5. Idan muka ɗauki giram 4, abin da zai kashe shi ƙurmus bekin soda ne giram 5 da ɗan ɗori, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe. Amma ba a son a kashe shi duka. Miyar tumatir da babu tsami ko kaɗan lami ce, ba ta da kai. Abin da ake so a sare masa kaifi kawai, kuma rubu'in ƙaramin cokali, wanda zai ɗauke kusan kashi ɗaya cikin huɗu, yakan wadatar. Ni nakan ba da shawarar a fara da rabin wannan rubu'in, a narkar da shi a cokali biyu na ruwa, a zuba a juya, a jira kumfa ta kwanta, a ba shi minti uku zuwa biyar, sannan a ɗanɗana kafin a ƙara. Ƙari yana da sauƙi, ragewa ce ba ta yiwuwa.

Ita kanwa ba ta da awo tsayayye, domin ƙarfinta ya bambanta daga wannan dutse zuwa wancan, ungurnu dabam, jar kanwa dabam, ga yashi da ƙasa a jikinta. Kada a jefa ta gaya cikin miya. A jiƙa ɗan gutsure kamar ƙwayar wake a rubu'in kofi na ruwa, a bari ya kwanta, a riƙa tsiyayo ruwan sama da ƙaramin cokali ana zubawa ana ɗanɗanawa. Kada kuma a zuba ta cikin mai tsirara, musamman manja, don tana kama shi ya yi kauri ya koma rawaya. Sai a lura da wani ruɗani da ya yaɗu a girke-girke: bekin foda ba bekin soda ba ce. Bekin foda an riga an haɗa ta da nata asid ɗin da sitaci don ta tayar da fulawa, saboda haka yawancin ƙarfinta a kanta yake ƙarewa. Tana kumfa, mai girki ta ɗauka aiki take yi, ta ƙara cokali bayan cokali, miya ta ɗauki wani ɗanɗano na daban tsamin kuma bai tafi yadda ake so ba.

Idan kanwa ko soda ta yi yawa ba ta ɓuya. Jan miyar ya dushe ya koma ruwan ƙasa, baki ya ji santsi da ɗanɗanon sabulu, ƙamshin tumatir ya mutu. Ana iya ceto ta da ƙarin soyayyen tumatir ko ɗigon lemun tsami kaɗan-kaɗan. Sannan yawan kanwa yana lalata wasu sinadaran gina jiki, musamman bitamin C da B1, kuma ita da soda duka suna ƙara sodiyam a kan wanda gishiri da dunƙule suka riga suka kawo, abin da mai hawan jini ya kamata ya sa a lissafi. Shi ya sa nake ganin wurinta a ƙarshe ne, bayan tattasai da albasa da suya da gishiri sun yi nasu, ba a mayar da ita al'adar kowace tukunya ba.

Duk abin da aka faɗa zuwa nan a kan tsamin tumatir lafiyayye ne. Akwai wani tsamin dabam wanda bai kamata a yi masa magani ba, wato tsamin lalacewa. Fasasshen tumatir da ake kasawa da araha a gefen kwando ya riga ya fara ruɓa, ƙwayoyin halitta suna cin zaƙinsa suna mayar da shi tsami. Asara biyu ke nan, zaƙi ya ragu, asid ya ƙaru. Wanda ya fashe yau bai yi wari ba ana iya wanke shi a dafa nan take, amma wanda ya yi furfura ko baƙin tabo ko yake yoyon ruwa mai wari na shara ne, domin wasu gubobin da fumfuna ke bari ba sa mutuwa da dahuwa. Haka markaɗen da aka kai inji da safe aka bar shi a rufe cikin bokiti a zafin Afrilu har la'asar. Idan aka buɗe aka ga yana ƙananan kumfa shi kaɗai, yana tashin wari mai kama da na kamu, ya fara tsami ke nan. Markaɗe da ya dawo daga inji wuta yake nufa kai tsaye, ko da ba a lokacin za a yi miyar ba. Miyar jiya da ta kwana ba firij ba ɗumame, aka wayi gari tana kumfa ko yauƙi ko tsami, ita ma ta tafi. Kanwa za ta iya ɓoye tsaminta, ba za ta mayar da ita abin ci ba, kuma ɓoyewar ce mafi haɗari tunda ta kawar da alamar da za ta hana yaro ci.

Ƙauri kuwa, idan ya riga ya faru, abin da ya rage shi ne a hana shi yaɗuwa. Hannu yakan so ya kai ludayi ƙasa ya kankare don a ga iya ɓarnar, kuma wannan kankarar ce ke raba baƙin cikin miyar duka. A kashe wuta, kada a juya, a karkata tukunyar a tsiyaye na sama cikin wata tukunya mai tsabta, a bar duk abin da bai biyo da kansa ba. Idan ƙaurin kaɗan ne, a soya sabuwar albasa a sabon mai, a juye miyar a kai, a ƙara ruwan nama da ɗan gishiri, domin gishiri yana danne ɗaci a harshe. In akwai sauran markaɗe a dafa a ƙara, ƙaurin zai tsinke. Jefa ɗanyen dankali da ake yawan faɗa ba ya zaɓo ƙauri ya tsotse, ruwan miyar kawai yake sha yadda yake. Kanwa ma ba ta da aiki a nan, tunda ɗacin ƙuna ba asid ba ne. Idan hayaƙin ya riga ya ratsa man har ana jin sa a maƙogwaro, a tsame naman a ɗauraye shi a sake sabuwar miya, ya fi a ci gaba da zuba kayan kirki cikin wadda ta mutu.

Saura masu sayen kwando lokacin araha su dafa su adana. Tsamin da muke yaƙi da shi a miya shi ne ke tsare tumatir daga lalacewa. Lambar nan 4.6 ita ce iyakar da masu sarrafa abincin gwangwani ke kiyayewa, domin a ƙasa da ita ƙwayar cutar botulizim, mai sa guba a abincin da aka rufe babu iska, ba ta iya tsiro. Tumatir yana dab da wannan iyaka, shi ya sa masu zuba shi a kwalba suke ƙara masa ruwan lemun tsami. Tattasai da albasa da aka haɗa sun riga sun tura shi sama, kanwa kuma ta ƙarasa. Don haka markaɗen da za a rufe a kwalba a ajiye a ɗaki kada a sa masa kanwa ko soda ko kaɗan, kuma wanda aka haɗa da tattasai da albasa wurinsa firiza ne, a ƙulla shi kashi-kashi daidai tukunya ɗaya. Gyaran tsami sai ranar da aka fito da shi za a soya. Miyar da aka riga aka sa wa kanwa ma ta fi wadda ba a sa wa ba saurin juyawa, saboda haka idan babu tabbacin wutar firij, a ɗebi iya wadda za a ci a ranar a gyara ta ita kaɗai, sauran a bar ta da tsaminta a tafasa ta sosai dare da safe.